Yadda Ake Damƙa wa Ƙaramin Ma'aikaci Aiki Ya Dawo da Abin da Aka Aike Shi

Yawancin aikin da ake ba na ƙasa ya dawo a lalace, tun wurin bayarwa ya lalace. Babba yana tsaye, waya a kunne, ya jefa wa ƙarami magana ɗaya: "Ka nemo mana mota zuwa Kano." Ƙarami ya ce to, ya fita. Bai san irin motar ba, bai san ranar da ake buƙatarta ba, bai san ko farashi kawai zai ji ko ciniki zai ƙulla ba. Tarbiyyar da muka taso da ita kuma ba ta barinsa ya tsaya yana yi wa na gaba da shi tambayoyi, don kada a ce ya cika ƙaƙale ko kansa ba ya ja. Saboda haka nauyin fayyace aiki yana kan mai bayarwa, kuma abubuwa huɗu ne za su fito daga bakinsa kafin a rabu: kamannin aikin idan ya kammala, lokacin kawo shi, iyakar ikon wanda aka ba, da yadda zai yi tambaya idan ya maƙale.

Zan bi matakan da misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ce kana aiki a wani ƙaramin ofishin fito da kaya a Apapa, unguwar tashar jiragen ruwa ta Legas, irin waɗanda ke yi wa 'yan kasuwar Arewa hidima. Wani Alhaji a Kano yana da kwantena mai ƙafa 40 cike da kayan gyaran babur. Ejan da ke bin takardu ya ce ranar Juma'a ake sa ran kwastam za su sake ta, kuma za a kai ta wani sito a Sharaɗa. Yau Litinin. Kana da sabon ma'aikaci, watansa uku a ofis, yana zaune a Agege. Kana so ka ba shi aikin nemo farashin mota.

Kafin ka kira shi

Zauna kai kaɗai na minti biyar ka amsa tambaya ɗaya: idan yaron nan ya gama, me zai ajiye a gabana? Amsar ta zama abin da ake iya riƙewa a hannu ko a gani a waya. "Ya nemo mota" bai isa amsa ba. Amsa ita ce takarda shafi ɗaya mai ɗauke da farashi daga kamfanonin sufuri uku, kowanne da abin da kuɗin ya ƙunsa, da ranar da motarsu za ta iya shiga tasha, da wanda shi yake ganin ya fi dacewa da dalilinsa. Idan kai da kanka ka kasa faɗin wannan a jimla biyu, aikin bai nuna a kanka ba tukuna, kuma duk wanda ka miƙa wa zai sha wahala ne kawai.

Daga nan ka raba aikin gida biyu: abin da ya dace da shi da abin da zai ci gaba da zama a hannunka. Jin farashi, kwatantawa da rubutawa aikin mai wata uku ne, kuma zai koyi abu da yawa a ciki. Zaɓen kamfani, biyan kafin alƙalami da yi wa Alhaji magana naka ne. Ma'aunin mai sauƙi ne: duk abin da in an yi kuskure a cikinsa za a iya gyarawa washegari, a ba shi, wanda in an yi shi an yi ke nan, kamar tura kuɗi ko yin alkawari da sunan ofis, a riƙe shi har sai an ga kamun ludayinsa.

Abu na ƙarshe kafin kira: me ke hannunsa yanzu? Ƙaramin ma'aikaci yawanci yaron kowa ne. Akanta ya aike shi banki, ejan ya ce ya kai takarda tashar Tin Can, kai kuma ka zo da naka. Ba zai ce wa kowa a'a ba. Idan ka gano yana ɗauke da wani aiki, kai ne za ka je wurin abokin aikinka ku sasanta wanda za a fara. Barin ƙarami ya raba gardama tsakanin manya biyu zalunci ne, kuma ƙarshenta duk ayyukan biyu za su zo a makare.

Zaman bayarwa

Ka zaunar da shi. Minti goma sha biyar sun isa, amma a zaune, ba a bakin ƙofa ba, kuma ba a gaban baƙi ba. Ka ce ya zo da biro da littafi. Fara da dalili, domin wanda ya san dalili yana iya yanke shawara mai kyau a wurin da ba ka hango ba.

A misalinmu dalilin kuɗi ne. Kwantena mallakar kamfanin jirgi ce, aro ya bayar. Yana ba da wasu kwanaki kyauta, idan suka ƙare sai ya fara cajin kuɗin jinkiri kullum har ranar da aka mayar masa da ita fanko. Ita ma tasha tana cajin kuɗin ajiya muddin kaya na zaune a cikinta. Takardar izinin fitar da kaya, wadda ake kira TDO, tana da ranar ƙarewa. In ta ƙare mota ba ta ɗauka ba, sai an sake biya an sabunta ta. Kuma tun watan Fabrairun 2021 da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo tsarin Eto, tirela ba ta shiga tasha sai an yi mata rajistar layi ta intanet an kira ta. Idan yaron ya ji wannan, zai gane da kansa cewa motar da ta fi araha amma ba za ta samu shiga ba sai bayan kwana huɗu, ita ce mafi tsada.

Sai ka faɗi abin da kake so ya kawo, dalla-dalla. A nan ne ake yawan yin rowa da bayani, alhali a nan ne ya kamata a daɗe. Farashin mota daga Legas zuwa Kano ba lamba ɗaya ba ce. Ya danganta da abin da aka cusa a ciki da abin da aka bari a waje. Ka ce masa ya tambayi kowane kamfani waɗannan, kuma ya rubuta amsar kamar yadda aka ba shi:

Shin kuɗin ya haɗa da dawo da kwantena fanko Legas, ko kai kaya kawai? Akwai inshorar kaya a kan hanya, kuma wa ke biyanta? Wa zai biya tikitin Eto da kuɗaɗen hanya? Nawa ake bayarwa kafin a yi lodi, nawa ne ciko bayan an sauke? Kwana nawa suke ba mai kaya ya sauke a Kano kafin su fara cajin zaman mota? Motar tasu ce, ko ɗan kamasho ne zai nemo ta a wurin wani?

Tambayar ƙarshen nan ka ja mata layi. Wanda bai saba ba ba ya iya bambance mai mota da ɗan kamasho, don duk bakinsu ɗaya a waya. Ka gaya masa alamar: mai mota zai ba ka lambar motar da sunan direba da inda take tsaye a yanzu, ko Ijora ko Mile 2 ko tana hanya ta iso Ogere, ɗan kamasho zai ce "mota ba matsala, ka dai turo wani abu." Ba laifi ba ne a yi aiki da ɗan kamasho, da yawansu mutanen kirki ne kuma sun san gari, amma dole a san da wa ake magana kafin kuɗi ya fita.

Idan kana da tsohuwar takarda ta irin wannan aikin da wani ya taɓa yi da kyau, ba shi ya gani. Samfuri ɗaya ya fi dogon bayani. Ka ba shi lambobin kamfanoni biyu da ofis ya saba hulɗa da su, ka ce na ukun shi zai nemo. Ta haka bai fara daga babu ba, kuma an bar masa inda zai nuna ƙwazonsa. Kada ka manta da kuɗin mota da na kati. Albashin sabon ma'aikaci a Legas ba ya ɗaukar zirga-zirgar ofis, kuma ba zai buɗe baki ya roƙa ba; zai dai rage zuwa inda ya kamata ya je, ya ce an ce masa a dawo gobe.

Iyakar ikonsa

Wannan a faɗe shi ƙarara, kada a bar shi ga hankali. Akwai abin da zai yi ba tare da ya tambaye ka ba: kiran kamfanoni, zuwa ganin mota, neman ragi. Akwai abin da sai ya tambaya: idan wani ya kawo shawarar da ta canza tsarin aikin. Akwai kuma abin da ba zai yi ba ko da an matsa masa: ba zai ce "mun amince" ba, ba zai tura ko kwabo ba, ba zai ba kowa hoton takardun kaya ko lambar Alhaji ba.

Ka ba shi ma kalmomin da zai kare kansa da su. Masu mota sun iya matsa lamba: "Wani na nan zai ɗauke ta, in kana so ka biya yanzu." Yaro mai kunya, ga kuma dattijo sa'an babansa yana masa magana, zai iya amsawa don kawai ya fita daga takura. Ka ce masa amsarsa ɗaya ce: "Baba, ni farashi aka aiko ni ji, Oga ne ke yanke magana, zai kira ku ranar Laraba da yamma." Wannan ba ƙarya ba ce, kuma ta sauke masa nauyi.

Wa'adi

"Da wuri", "cikin satin nan", "in ka samu dama": duk waɗannan ba wa'adi ba ne. Wa'adi rana ce da ƙarfe, da kuma hanyar da za a kawo aikin. Ana samo shi ne ta lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Kwantena za ta fito Juma'a. Kafin nan dole a yi wa mota rajistar shiga, wato Alhamis. Kafin mai mota ya motsa sai ya ga kafin alƙalami, wato Alhaji ya turo kuɗi Alhamis da safe. Kafin ya turo sai ka kira shi Laraba da yamma da farashi a hannu. Kai kuma kana buƙatar 'yan awoyi ka duba takardar, ka sa a gyara abin da ya saura. Ke nan wa'adin yaron Laraba ne ƙarfe 12 na rana.

Ka nuna masa wannan lissafin gaba ɗaya. Wasu manya suna ɓoye ainihin rana su ba da ta ƙarya don yaro ya yi sauri. Ni ban yarda da wannan ba. Sau ɗaya zai gano cewa takardar da ya hana kansa barci a kanta ta kwana uku a tebur ba a buɗe ba, daga ranar kuma duk wa'adin da ka ba shi zai ƙara masa kwana biyu a ransa. Gara ka ce: "Alhaji zan kira ƙarfe 5, ina buƙatar tazarar nan don in duba." Ya san tazarar ta mece ce, ya san ba tasa ba ce.

Sannan ka auna wa'adin da garin da kuke ciki. Wanda ke tasowa daga Agege zuwa Apapa, ko ya fito bayan sallar asuba, gosulon Oshodi ko na Mile 2 na iya cinye masa safiya. Tun watan Yunin 2022 an hana acaba a ƙananan hukumomi da dama har da Apapa, don haka dabarar da ake yi a da ta tsallake cunkoso a kan babur ta ragu ƙwarai. In damina ce kuma aka wayi gari da ruwa, sai abin da hali ya yi. Ma'anar wannan ita ce kada ka ɗora aikin a kan zuwansa ofis. Ka ce ya turo hoton takardar ta WhatsApp ƙarfe 12 daga duk inda yake, ya kawo ta hannu daga baya. Ka kuma rage masa yawo: kamfanoni biyun da kuka saba da su waya ta isa, sabon ne kaɗai ke buƙatar a je a ga wurinsu da ido.

Bayan ka faɗi lokacin, ka tambaye shi abin da zai iya hana shi cikawa. Ka lura da yadda aka gina tambayar. Idan ka ce "Za ka iya?", amsar "In sha Allahu" ce, ko da ya san ba zai yiwu ba. Idan ka ce "Me kake gani zai iya tare ka kafin Laraba?", ka buɗe masa ƙofar ya ce gobe da safe akanta ya ce ya je banki a Ikeja.

Tsakanin bayarwa da wa'adi a sa tasha ɗaya ta dubawa. A nan Talata ce ƙarfe 4, bayan la'asar, minti biyar a waya ko a ofis. A wannan lokacin ana sa ran ya sami farashi biyu. Amfanin tashar shi ne idan ya kauce hanya, akwai sauran safiyar Laraba ta gyara. Ka sanar da shi tun yanzu, don kada ya ɗauke ta a matsayin rashin yarda. Kai ma ka riƙe alkawari: tsakanin yanzu da Talata ƙarfe 4 kada ka dame shi da "ina aka kwana?" duk bayan awa. Wanda ake leƙa wa tukunya kowane minti ba ya koyon girki, jiran umarni kawai yake koya.

Yadda zai yi tambaya

Cewa "in kana da tambaya ka tambaye ni" ba ya aiki. Kowa na faɗa, kuma ƙananan ma'aikata sun san sau da yawa ba har zuci ba ne. Abin da ke faruwa ɗaya ne cikin biyu: ko ya yi shiru ya yi ta ƙirƙirar amsa da kansa har Laraba, ko kuma ya riƙa kiranka a kan kowane ƙaramin abu har ka gaji ka yi masa tsawa, daga nan ya koma shiru. Maganin duka biyun shi ne a tsara tambayar kamar yadda aka tsara wa'adi.

Ka raba masa tambayoyi kashi uku. Kashi na farko waɗanda amsarsu na cikin fayil ko wurin wani: nauyin kaya, lambar kwantena, adireshin sito. Waɗannan ya duba takardar jirgi ko ya tambayi ejan, kuma ka gaya wa ejan a gabansa cewa zai zo. Kashi na biyu waɗanda sai kai, amma suna iya jira: ya tara su ya turo sau ɗaya, ƙarfe 1 na rana ko a zaman Talata. Kashi na uku waɗanda ba sa jira: an nemi kuɗi, an nemi takardu, ko ya ga alamar wa'adi ba zai cika ba. Waɗannan ya kira nan take, ko kana cikin taro. Ka ƙara masa da doka ɗaya: idan ya yi minti talatin a kan abu ɗaya bai motsa ba, ya daina kokawa ya tambaya.

Sai siffar tambayar kanta. Ka koya masa ta ƙunshi abu uku: ga abin da na tarar, ga abin da na gwada ko na bincika, ga abin da nake ganin a yi. Kuma a rubuce, ba saƙon murya na minti huɗu ba, wanda rabinsa gaisuwa ce kuma ba ka iya saurare a cikin hayaniyar tasha. Gaisuwa layi ɗaya ta wadatar; ka faɗa masa da bakinka cewa ba za ka ɗauke shi rashin ladabi ba, don in ba ka faɗa ba ba zai yarda ya taƙaita ba.

Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "Salam Oga, akwai 'yar matsala a maganar motar nan, ya za a yi?" Dole ka kira, ka yi ta tono kafin ka san matsalar. Na biyu: "Salam Oga. Kamfani na biyu sun ce maimakon a tafi da kwantena Kano, a juye kayan cikin motarsu a nan Legas a mayar da fankon washegari. Na tambayi ejan, ya ce hakan zai rage kuɗin jinkiri, amma akwai kuɗin masu lodi da na wurin juyewa. Ina ganin in karɓo farashin hanyoyin biyu. In ci gaba?" Wannan kana tafiya za ka amsa shi da kalma ɗaya.

Naka ɓangaren alkawarin shi ne amsawa. Ka faɗi tsawon lokacin da zai jira, a ce awa biyu, da wanda zai nema idan bai same ka ba. Kuma yadda ka karɓi tambayarsa ta farko shi zai yanke ko za a yi ta biyu. Idan tambayar ta wauta ce, ka amsa ta, sannan ka nuna masa inda zai samo irinta nan gaba. Tsaki ɗaya ya isa ya rufe bakinsa wata guda.

Ya maimaita, sannan a rubuta

Kafin ya tashi, kada ka tambaye shi ko ya gane. Ka ce ya faɗa maka da bakinsa abin da zai yi. Ka ɗora dalilin a kanka don kada ya ji kamar jarrabawa ce:

"Ƙanena, maimaita mini in ji ko na tsallake wani abu."

"To Oga. Zan kira kamfanoni biyun nan, in nemo na uku, in ji farashi zuwa Kano, in zaɓi mai araha in gaya musu su shirya mota Juma'a."

Ka ji inda ta karkace. Ya ɗauka shi zai zaɓa, kuma araha ce ma'auni. Da ka sallame shi da "ka gane ko?", da sai Laraba za ka tarar ya riga ya yi wa wani alkawari. Yanzu gyaran na minti ɗaya ne.

Daga nan a rubuta. Ya fi kyau shi ya rubuta ya turo maka cikin rabin awa, kai ka gyara. Saƙon ba ya wuce haka:

"Aiki: farashin tirela daga Apapa zuwa Sharaɗa, Kano, kwantena ƙafa 40, daga kamfanoni 3, da amsoshin tambayoyi 6, da shawarata. Kawowa: Laraba ƙarfe 12 na rana ta WhatsApp. Dubawa: Talata ƙarfe 4. Ba zan amince da kowa ba, ba zan biya ba, ba zan ba da takardu ba. Tambayoyi: ƙarfe 1 a rubuce, maganar kuɗi ko jinkiri, kira nan take."

Rubutun nan yana kare ku duka biyu. Idan kai ne ka canza magana ranar Talata, saƙon zai nuna, kuma sai ka ƙara masa lokaci ko ka rage aikin.

Zaman Talata da ranar karɓa

A zaman dubawa kada ka karɓi "ana kai" ko "saura kaɗan". Ka ce ya nuna abin da ke hannu. Alamomin da ke nuna aiki ya tsaya sanannu ne: bai yi tambaya ko ɗaya ba tun jiya, yana ba da labarin wahalar hanya maimakon lambobi, ko duk farashin da ya kawo lamba ce tsirara babu bayanin abin da ta ƙunsa. Idan ka ga haka, tambayi wace waya ya buga ta ƙarshe da abin da aka ce masa. Sau da yawa za ka tarar wani ne ya ce "zan kira ka" shi kuma yana jin nauyin sake kira. Ka ce ya kira yanzu a gabanka. Abin da ba za ka yi ba shi ne karɓe wayar ka ƙarasa da kanka. In ka yi haka aikin ya dawo kanka, kuma ya koyi cewa jinkiri na sa a sauke masa kaya.

Ranar Laraba ga abin da ya kawo. Alƙaluman na misali ne, tunda farashin mota na bin farashin dizal da yawan kaya a tasha. Kamfani na farko naira miliyan 2.6, kai kaya kawai, ba dawo da fanko, ba inshora. Na biyu miliyan 3.1, da dawo da fanko da inshora, motarsu na Ijora kuma za ta iya shiga Juma'a. Na uku miliyan 2.9, da dawo da fanko, ba inshora, motar kuma sai Litinin za ta iso daga Arewa. Shawararsa: na biyu.

Ka auna aikin da saƙon da aka rubuta ranar Litinin, ba da abin da ya faɗo maka a rai daga baya ba. Kamfanoni uku? Akwai. Tambayoyi shida? Ka duba ɗaya bayan ɗaya. A ce ka tarar babu amsar kwanakin saukewa a Kano a wurin kamfani na biyu. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, don idan kwana ɗaya suke bayarwa kuma motar ta isa Sharaɗa daren Alhamis ta mako mai zuwa, sito na iya ƙin samun masu sauke kaya sai bayan sallar Juma'a, cajin zaman mota ya fara. Ka mayar masa ya cike da kansa, ka ba shi zuwa ƙarfe 2. Tazarar da ka ajiye tsakanin 12 da 5 don irin wannan aka yi ta.

Idan za ka yi magana a kan aikin, ambaci abu takamaimai. "Ka kyauta" ba ta koya masa komai. "Yadda ka gano motar kamfani na uku ba ta gari, shi ya cece mu daga kuɗin ajiyar kwana uku" tana gaya masa abin da zai maimaita. Gyara kuma a keɓe, ku biyu. Lokacin da za ka kira Alhaji ƙarfe 5, bar shi ya zauna ya saurara, ya ji yadda takardarsa ta zama magana da kuɗi, da irin tambayoyin da mai kaya ke yi. A kwantena ta gaba sai ka matsar da iyakar taki ɗaya: shi zai nemo kamfanonin uku duka, shi zai yi cinikin ragi har ƙarshe, kai kuma ka riƙe amincewa da biyan kuɗi.